Idan likita ya ce a koma kulawar sassauci: tambayoyin masu jinya da amsoshinsu

Aikin jinya nake yi a Jos, kuma yawancin marasa lafiyar da nake kula da su mutane ne da ciwonsu ya riga ya fi ƙarfin magani. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'ya'ya da mata da mazaje suke tare ni da su a bakin ɗakin jinya, ko su kira ni a kansu cikin dare. Na rubuta amsoshin ne don wanda zai kwana kusa da gado, ko a asibiti ko a gida. Ba su maye gurbin likitan da ya san mara lafiyarku ba, musamman a kan adadin magani.

Likita ya ce mana za a koma "kulawar sassauci". Sun haƙura da ita ke nan?

A'a. Abin da aka sa a gaba ne ya canza. Da ana yaƙi da ciwon ne, ana jure wahalar allura da gwaji da aikin tiyata saboda ana sa ran warkewa. Yanzu likitoci sun ga cewa ciwon ba zai koma baya ba, kuma wahalar da maganin ke ba ta ta fi amfaninsa. Daga nan duk abin da za a yi mata sai an tambaya: wannan zai sauƙaƙa mata yau? Idan zai sauƙaƙa, a yi. Idan ba zai sauƙaƙa ba, a bari.

Saboda haka za ku ga wasu abubuwa sun ragu. Za a daina ɗiban jini kullum, a rage auna hawan jini, wataƙila a cire na'urar da ke ƙara a gefen gado. Za a tsayar da magungunan da amfaninsu na shekaru masu zuwa ne, irin su maganin kitsen jini da ƙwayoyin ƙarin jini, sau da yawa har da maganin hawan jini, tunda jinin da kansa yake sauka a wannan lokaci. Maganin ciwon suga ma akan rage shi, domin wanda ba ya cin abinci idan aka ci gaba da ba shi yadda aka saba, sugansa zai faɗi ƙasa. Amma akwai waɗanda ba a yanke su kwatsam, kamar maganin farfaɗiya da maganin rage kumburi na deksametazon. Kada ku tsayar da komai da kanku. Ku zube duk magungunanta a gaban likita, har da na gargajiya, ku bi su ɗaya bayan ɗaya.

Likita zai kuma yi muku maganar danna ƙirji idan zuciya ta tsaya. Ga mutumin da sankara ta cinye ko zuciyarsa ta gama gajiya, danna ƙirji kusan ba ya dawo da rai, ga shi yana iya karya haƙarƙari. Gara a yi wannan magana da rana, babban gida yana zaune, da a yi ta ƙarfe uku na dare cikin kuka.

Kwana nawa ya rage?

Ajali na Allah ne, kuma duk likitan da ya ba ku rana kintace yake yi. Abin da muke dubawa shi ne saurin canji. Idan daga wata zuwa wata kuke ganin raguwar ƙarfi, yawanci maganar watanni ce. Idan daga mako zuwa mako ne, makonni. Idan kuwa abin da ta iya jiya ba ta iya shi yau, ta daina tashi, barci ya fi farkawa yawa, ruwa ma sai kurɓi ɗaya biyu, to mun shiga kwanaki. A nan ne nake cewa a kira na nesa. Wanda ke Kano ko Legas ya taso, kada ya jira ƙarshen wata.

Ta ƙi cin abinci. Mu zuba ido yunwa ta kashe ta?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce sa ni zama in yi dogon bayani, domin a wurinmu ciyarwa ita ce ƙauna. 'Yar da ta dama kunun gyaɗa tun asuba, ta kawo, uwa ta kau da kai, ji take kamar ita aka ƙi. Ga kuma 'yan dubiya, kowa ya shigo abin da zai fara tambaya shi ne, "Ta ɗan ci wani abu kuwa?"

Ba rashin cin abinci ne ke kai ta ga mutuwa ba. Kusantar mutuwa ce ta ɗauke mata sha'awar abinci. Jikin da ke rufe aikinsa ba ya iya sarrafa abinci yadda ya saba: ciki ya daina turawa, hanji ya yi sanyi, abin da aka ɗura sai ya zauna ya zama kumburi da tashin zuciya da amai. Yawancin masu wannan hali ba sa jin yunwa irin wadda ni da ku muka sani. Abin da ke damunsu bushewar baki ne, shi kuwa akwai maganinsa.

Haɗarin ɗura yana maƙogwaro. Idan ƙarfin haɗiya ya ragu, kunu yakan kauce hanya ya faɗa huhu. Alamarsa ita ce tari ko ƙwarewa a lokacin sha, ko murya ta koma kamar ana magana a cikin ruwa, ko abincin ya tsaya a kumatu ba a haɗiye ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da sarƙewar numfashi su biyo baya. Na sha ganin an kawo wannan wahala da hannun da ke neman lada.

Abin da za ku yi shi ne ku miƙa, kada ku tilasta. Idan tana farke, ku tayar da ita zaune sosai, ku ba ta a ƙaramin cokali. Abu mai ɗan kauri, kamar kunun acca mai laushi, ko fura da aka dama ta yi sumul, ko ayaba da aka murje, ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. Cokali uku ta ci ta ce ya isa, to ya isa. Idan ta ce tana marmarin abin da likita ya hana ta shekara goma, gishiri ne ko zaƙi, ku ba ta ta ɗanɗana. Idan barci take ko ba ta cikin hayyacinta, kada a zuba mata komai a baki.

To ba za a sa mata ƙarin ruwa ba? Ko robar abinci ta hanci?

Ƙarin ruwa ba abinci ba ne. Ledar ruwan suga ta rabin lita, mai kashi 5 cikin 100, giram 25 na suga kawai ke cikinta, kamar cokalin shayi shida. Ba ya ƙara ƙarfi. A kwanakin ƙarshe ƙoda ta rage aiki, kuma sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya ya yi ƙasa, don haka ruwan da aka ɗaura yakan tsiyaye ya taru inda ba a so: ƙafafu su kumbura, ciki ya cika, huhu ya jiƙe, majina ta ƙaru a maƙogwaro. Ga neman jijiya a hannun da ya rame, a soka nan a soka can.

Akwai lokacin da ruwan ke da amfani. Mutumin da ke da sauran makonni, amai ko gudawa suka zuƙe shi, ko yana kukan ƙishirwar da gyaran baki bai kashe ba, likita na iya gwada masa kaɗan na kwana ɗaya ko biyu a ga ko ya ji daɗi. Abin da nake roƙo shi ne kada a kira mai kemis na unguwa ya zo ya ɗaura leda bayan leda don hankalin mutanen gida ya kwanta. Robar hanci ma haka take: ba ta hana abinci komawa huhu, kuma wanda ya ruɗe yakan fizge ta, har a kai ga ɗaure masa hannu.

Gyaran baki ya fi su duka. Ku naɗe tsumma mai tsabta ko bandeji a yatsa, ku tsoma a ruwa, ku matse, ku goge harshe da dasashi da cikin kumatu duk awa ɗaya ko biyu. Ku shafa man kaɗanya a leɓe. Lokacin hunturu, da iskar Jos ke busar da komai, sai an ƙara yawan yi. Wanda ke son a ba ta zamzam ko ruwan tofi, ta wannan hanya zai ba ta, a jiƙa leɓe da harshe, ba a ɗaga kai a ɗura ba. Idan kun ga fari-fari kamar dusar nono a harshe da ganɗa, ku nuna wa nas, ciwon baki ne da ke da magani.

An rubuta mata mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi. Mun ji an ce shi ne allurar ƙarshe, yana gaggauta mutuwa.

Na san inda wannan magana ta samo asali. An daɗe ana ɓoye mofin sai mutum ya kai gargara sannan a yi masa allura ɗaya, ya cika bayan awa biyu, dangi su ce allurar ce. Ciwon ne ya kashe shi, maganin ne ya zo a makare. Mofin da aka fara da kaɗan, ana ƙarawa daidai da zafin ciwo, ba ya rage kwana. Akwai masu shan sa wata da watanni suna zuwa masallaci da coci. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin zafin sankara mai hawa uku, mofin ne a hawa na sama, kuma ƙa'idarsa ita ce a sha ta baki, a kan lokaci.

A kan lokaci ɗin nan shi ne inda aka fi yin kuskure. Mofin na ruwa awa huɗu yake aiki. Idan aka jira sai ta fara nishi sannan a ba ta, kullum ciwon na gaba magani na binsa a baya. Ana ba da shi duk awa huɗu, ko tana jin ciwo ko ba ta ji, don kada ciwon ya samu dawowa.

Bari in ba da misali da lissafi. A ce Hajiya ce mai shekara 68, sankarar mama ta bazu zuwa ƙashin baya, an sallamo ta gida a Gangare. Likita ya rubuta miligiram 5 duk awa huɗu, kwalbar kuma an rubuta miligiram 5 a cikin mililita 5. Ke nan 'yarta za ta ja mililita 5 a sirinji marar allura ta zuba mata a gefen baki. Lokutan su ne 6 na safe, 10 na hantsi, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare, 2 na dare. Nakan ce wa masu jinya su riƙe su da bayan asuba, hantsi, azahar, gab da magariba, sai lokacin kwanciya. Wasu likitoci kan ce a ninka na ƙarfe 10 na dare don kada a tashe ta ƙarfe 2, amma wannan sai in su suka faɗa. Jimillar yini miligiram 30 ke nan.

Likita ya kuma ce idan ciwo ya taso a tsakani, a ƙara mata miligiram 5, a rubuta. Washegari 'yar ta duba littafinta ta ga an yi ƙari sau huɗu, biyu daga ciki lokacin da ake juya ta. Ƙari huɗu miligiram 20 ne. A haɗa da 30, Hajiya ta buƙaci 50 a yini ɗaya. A raba gida shida, ya kama 8 da 'yan kai. Da aka kira likita aka karanta masa, sai ya mayar da na duk awa huɗu miligiram 7.5, ya kuma ce a riƙa ba ta ƙarin minti 30 kafin wanka ko juyi. Haka ake hawa, da littafi da waya. Littafin makaranta na 'yan firamare ya isa: lokaci, adadi, da yadda ta ce tana ji.

Ku karanta jikin kwalba duk lokacin da aka karɓo sabuwa. Akwai mai ƙarfi da ke ɗauke da miligiram 50 a mililita 5, ninki goma na ta farko. Wanda ya saba jan mililita 5, idan bai duba ba, zai yi ɓarna babba. Mutum ɗaya ko biyu su riƙe ba da magani, kwalbar kuma a kulle ta inda yara da samari ba za su kai ba. Ba a sayen mofin a kemis na bakin titi. Da takardar likita ake karɓarsa a ɗakin magani na manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Ku lissafa ranar da zai ƙare ku nema tun saura kwana huɗu ko biyar, domin yanke shi kwatsam yana dawo da ciwo tare da zufa da murɗar ciki.

Wane illa za mu gani, kuma yaya za mu gane ya yi mata yawa?

Taurin bayan gida tabbas ne, kuma ba ya wucewa da kansa. Duk wanda aka ba mofin a haɗa masa da maganin sassauta ciki, irin su sena ko bisakodil, tun ranar farko. Ko ba ta cin abinci sosai hanji na tara abu. Kwana uku ba bayan gida, ku faɗa. Tashin zuciya da yawan gyangyaɗi kan zo a kwana biyu ko uku na farko sannan su lafa. Wani barcin ma bashi ne take biya, na makonnin da ciwo ya hana ta runtsawa.

Alamar ya yi yawa daban take: barcin da ba a iya tashinta daga shi jim kaɗan bayan an ƙara adadi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, gaɓoɓi suna zabura, numfashi ya ragu ƙasa da sau 8 a minti ɗaya. Ku sa agogo ku ƙirga tashin ƙirji na minti guda cur. In kun ga haka, ku dakatar da na gaba ku kira likita nan take. An fi ganin wannan ga wanda ƙodarsa ta gaza, domin ta fitsari ragowar maganin ke fita. Shi ya sa idan fitsari ya ragu ƙwarai ake sanar da likita, ya rage adadi ko ya tsawaita tazara.

Idan ta kasa haɗiya ba a daina maganin. Ana iya ɗiga ɗan kaɗan mai ƙarfi a cikin kumatu, ko a koma allurar ƙarƙashin fata, wadda adadinta kusan rabin na baki ne. Wanda ba ya magana ma yana nuna ciwo: haɗe gira, cije baki, nishi, ɗaurewar jiki idan an taɓa shi.

Tana sambatu, tana kiran mutanen da suka rasu, tana fizge zane. Aljanu ne ko maganin ne?

Ruɗewa ce, kuma da yawan masu gargara suna shiga cikinta, ta fi tsananta da dare. Kafin a ce komai, a duba abu uku masu sauƙin gyara. Na farko mafitsara: idan ta daɗe ba ta yi fitsari ba, ƙasan cibiya ya kumbura ya yi tauri, robar fitsari za ta kwantar da ita cikin mintuna. Na biyu bayan gida da ya taru. Na uku ciwo. Idan ba ko ɗaya, likita na da magani irin su halofaridol ko midazolam.

Ku kuma ku rage mutane a ɗaki, ku bar fitila mai laushi a kunne, wanda ta saba da muryarsa ya zauna kusa ya faɗi sunansa. Idan ta ce ga Inna can a bakin ƙofa, kada ku yi gardama da ita, ku tambaye ta me Inna ke cewa. Karatu da addu'a a hankali suna kwantar da mutane da yawa. Hayaƙin turare a rufaffen ɗaki, da ruƙiyya da ihu, da danne ta, ƙara firgita ta suke yi. Kada a ɗaure ta.

Numfashinta ya canza, yana ɗaukewa yana dawowa, ga wani kakari a maƙogwaro.

Wannan ne ya fi tsorata masu jinya, shi ya sa nake so ku ji shi tun kafin ya zo. Numfashi zai riƙa yin sauri da zurfi, ya yi ƙasa, ya tsaya na daƙiƙa 10 ko 20 ko fiye, har ku ce shi ke nan, sai ya dawo. Ƙwaƙwalwa ce ta rage kula da shi. Kakarin kuwa yawu ne da majina da ta daina iya haɗiyewa, iska na bi ta cikinsu. Ba shaƙewa take yi ba, kuma a wannan mataki yawanci ta yi nisa, ku ne kuke jin nauyin sautin fiye da ita. Ku dubi goshinta. Idan a sake yake, ba ta cikin wahala.

Ku juya ta ta kwanta a gefe, ku ɗan ɗaga kai da matashi, ku goge abin da ya gangaro bakin. Kada a zura yatsa ko roba cikin maƙogwaro. Idan ana ƙarin ruwa, lokacin tsayar da shi ya yi. Likita na iya yin allurar hayosin, wadda aka fi sani da Buskofan, don rage sabuwar majina, amma ba ta busar da wadda ta riga ta taru. Idan kakari ya fara, yawanci maganar awoyi ce zuwa kwana ɗaya ko biyu.

Sarƙewar numfashi ga wanda ke farke daban ne, shi wahala ne na gaske. A tayar da ita zaune, a buɗe taga, a sa fanka ko mafici iska na bugun fuska. Mofin kaɗan yana rage wannan jin. Oksijin na taimakon wanda iskar jininsa ta yi ƙasa ne kawai, don haka ku tambayi likita kafin ku sayar da kadara ku yi hayar tukunya.

Hannu da ƙafa sun yi sanyi. Mu sa mata wuta?

Jini ne ya janye zuwa ciki. Za ku ga farce da tafin ƙafa sun yi duhu, gwiwa ta yi dabbare-dabbare, fitsari ya ragu ya koma kalar shayi. Bargo marar nauyi da safa sun isa. Kada a manna mata gorar ruwan zafi, fatar ta yi laushi kuma ba za ta iya cewa tana ƙuna ba. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa, wanda sanyin Disamba ke sa mutanen Jos yi, yana fitar da iska mai guba marar wari da ke iya kashe mara lafiya da mai jinya tare.

Yaya za mu hana gyambon kwanciya?

A juya ta duk awa biyu zuwa huɗu, mutum biyu, da zanen da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta, a ɗaga ba a ja ba. A sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya bar katifa. Kullum a duba ƙashin gindi da ƙugu da diddige. A fata mai duhu ba lalle ku ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi ɗumi ko tauri. A canza famfas da zarar ya jiƙe. A awoyin ƙarshe, idan juyi na sa ta nishi, a rage shi. Idan akwai ciwo mai wari, likita kan ce a daka ƙwayar filajil a barbaɗa, warin na raguwa cikin 'yan kwanaki.

Mu kai ta gida ko mu bar ta a asibiti?

Idan tana iya magana, ita za a fara tambaya. Gida na yiwuwa idan akwai abu huɗu: manya biyu ko uku da za su riƙa karɓa-karɓa, magani a hannu har da na lokacin da haɗiya za ta gagara, lambar nas ko likitan da zai ɗauka da dare, da fahimtar mutanen gida cewa idan numfashi ya canza ba za a ɗauke ta a guje cikin a-daidaita-sahu a nufi asibiti ba. Ciwon da ya ƙi lafawa, ko jijjiga, ko amai marar tsayawa, ko ruɗewar da ta fi ƙarfinku, waɗannan dalilai ne na komawa asibiti. Idan likita ya ce akwai yiwuwar zubar jini, ku ajiye tawul masu duhun launi kusa, kuma in ya faru ku zauna tare da ita, kada kowa ya fita neman mota a bar ta ita kaɗai.

Masu son a kai ta garinsu ta cika a can, ku yi tafiyar tun ana maganar makonni.

Mu gaya mata gaskiya? Kuma tana jinmu in ta daina magana?

Yawancinsu sun riga mu sani. Suna yin shiru ne don su tausaya mana, mu ma muna shiru don mu tausaya musu. Ban ce a faɗa mata abin da ba ta nema ba. Amma in ta ce, "Ni dai na san tawa ta ƙare," kada a rufe ta da "Haba Hajiya, daina faɗin haka." A ce, "Me kike so mu yi miki, Inna?" A nan ne ake jin bashin da ba wanda ya sani, da ajiyar wani da ke hannunta, da wasiyya, da wanda take so a kira su yafi juna. Wani lokaci mutum kan farfaɗo kwana ɗaya, ya nemi abinci, ya gane kowa, ya yi hira. Ku ci moriyar ranar, amma kada ku sallami na nesa, sau da yawa ba ta daɗewa.

Ji kuwa, ga alama yana cikin abin da ke jimawa bai tafi ba. Ku ɗauka tana ji. Kada a yi maganar likkafani ko gado ko kuɗin asibiti a kanta. Mai laƙƙana mata kalmar shahada ya faɗa a hankali kusa da kunne, ba tare da matsa mata sai ta maimaita ba. Iyalan Kirista su kira fasto ko fada tun tana iya amsawa. A asibiti ku gaya wa nas kuna son a ja labule ko a juya ta ta fuskanci alƙibla, ba abin da muke hanawa ba ne. Yara ma in suna so su shiga, a shirya su da bayanin abin da za su gani, a bar su su gaishe ta.

Yaya za mu san ta cika, kuma me za mu fara yi?

Numfashi zai tsaya bai dawo ba. Wani lokaci bayan tsayawar akan yi ajiyar zuciya ɗaya ko biyu, don haka ku dakata minti biyar kuna kallon ƙirji. Ba bugu a gefen wuya, ido ya tsaya, muƙamuƙi ya saki, wataƙila fitsari ko bayan gida ya fita. Ku duba agogo ku riƙe lokacin. A shafe idanu a rufe, a ɗaure haɓa da ƙyalle mai laushi, a miƙar da hannu da ƙafa tun jiki bai sandare ba, a lulluɓe ta.

A asibiti, likita zai tabbatar, nas ta cire robobi da allurar hannu. Idan za a yi jana'iza a ranar, ku sanar da shugabar ɗakin tun kafin lokacin ya zo, ku kuma sa mutum ɗaya ya san abin da ya rage na kuɗi da takardu, don kada a riƙe ku a kan sa hannu. A gida, ku kira nas ko likitan da ke bibiyarta ya tabbatar, ya cire robar fitsari kafin masu wanka su zo. Ku karɓi takardar shaidar rasuwa daga likita, da ita za ku je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajista, kuma za a neme ta wajen banki da fansho da rabon gado. Ragowar mofin kada a ajiye shi don wani, kada a ba maƙwabci mai ciwon baya. A mayar da kwalbar ɗakin maganin da aka karɓo ta, tare da littafin da kuka riƙa rubutawa.